Dokar kwana 60 ta Instagram: dalilin mutuwar tokin da yadda za a riƙa sabunta shi

Masu haɗa wa shaguna manhaja a Maraɗi sun san wannan kiran waya. An yi aiki, an miƙa, an biya kuɗi. Hotunan shadda da atamfa da mai shago ke sakawa a Instagram suna fitowa da kansu a shafin shagon, ko kuma manhajar tana wallafa masa kaya kowace safiya. Sai bayan wata biyu cif ya kira: "Malam, abin nan fa ya tsaya." Mai shago zai ce rezo ne, wani ya ce an yi kutse. Sau da yawa ba ko ɗaya. Tokin ne, wato shaidar izinin da aka ba manhajar, ya cika kwana 60, kuma haka ƙa'idar kamfanin Meta, mai Instagram, ta tanada tun farko.

Idan manhaja za ta yi magana da Instagram a madadin wani ta hanyar API, wato ƙofar da dandalin ya buɗe wa manhajoji, ba a ba ta kalmar sirrinsa. Mai asusun ne ke shiga da kansa, a nuna masa abin da manhajar ke neman yi, ya danna amincewa, sannan dandalin ya ba manhajar wani dogon jerin haruffa da lambobi. Shi ne tokin. Kamar Alhaji ne ya aiki yaron shago sito da ƴar takarda mai sa hannu cewa a ba shi bandir goma yau, maimakon ya damƙa masa makullin siton gaba ɗaya. Tsarin da mafi yawan dandamali ke bi wajen wannan shi ne OAuth 2.0, wanda aka fitar a shekarar 2012.

Dalilin sa wa tokin wa'adi yana cikin yanayinsa. Dandalin ba ya tambayar wane ne ya kawo tokin. Duk wanda ke riƙe da shi, aikinsa zai yi. Kuma tokin abu ne mai saurin yoyo: yana maƙalewa a fayil ɗin da saba, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, ke rubuta abin da ya gudana, yana fitowa a hoton allo da aka tura wa aboki a WhatsApp don neman taimako, yana zaune a kwamfutar da aka kai gyara. Da a ce ba ya mutuwa, wanda ya tsince shi bana zai iya wallafa abin da ya ga dama da sunan shagon har baɗi. Akwai kuma mutumin da ya ba wata manhaja izini ya manta da ita. Wa'adi ne ke sa izinin da aka daina amfani da shi ya ƙare da kansa. A ganina wannan doka ba ta zalunci kowa ba. Matsalarta kawai ita ce ba ta yin gargaɗi kafin ranar ta zo.

Ga abin da ƙa'idar ta ce ga wanda ke amfani da Instagram API with Instagram Login, wato hanyar da ke aiki da asusun kasuwanci ko na masu ƙirƙira. (Tsohuwar hanyar nan, Instagram Basic Display API, an rufe ta ranar 4 ga Disamba 2024, don haka duk darasin da ka gani yana koyar da ita ya tsufa.) Tokin farko da ake samu bayan mai asusu ya amince awa ɗaya yake yi. Cikin wannan awar ake musanya shi da mai dogon zango, wanda ke kai kwana 60. Musanyar tana buƙatar lambar sirrin manhaja, saboda haka a saba ake yin ta, ba a cikin wayar mutum ko shafin da kowa ke iya buɗe cikinsa ba. Shi kuma mai dogon zangon ana iya sabunta shi bisa sharaɗi biyu: ya zama ya kai awa 24 da fitowa, kuma ya zama bai mutu ba. Idan an sabunta, ana samun wasu kwana 60 daga ranar da aka sabunta ɗin.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ke kayar da mutane. Da yawa suna rubuta manhajarsu haka: a yi ta aiki, in an ga kuskure sai a nemi sabon tokin. Wannan dabara tana ci a wasu dandamali masu tokin sabuntawa na dabam, amma a nan ba ta ci, domin tokin da kansa ne ake miƙawa a karɓi sabo. Ranar da ka ga kuskuren, abin da za ka miƙa ya riga ya mutu. Babu wani umarni da zai tashe shi. Sai an nemo mai asusun ya sake shiga ya danna amincewa, kuma idan Alhaji ya tafi Kano sarin kaya, sai a jira.

Umarnin sabuntawar gajere ne:

```
curl "https://graph.instagram.com/refresh_access_token?grant_type=ig_refresh_token&access_token=TOKIN_YANZU"
```

Amsar tana zuwa da `access_token` da `token_type` da `expires_in`. Wannan na ƙarshen daƙiƙoƙi ne, ba kwanaki ba, kuma ba kwanan wata ba ne. Kwana 60 daƙiƙa 5,184,000 ne, don haka za ka ga lamba kusa da wannan. Abin da za a adana ba lambar ba ce ita kaɗai, sai a tara ta da lokacin da amsar ta iso a samu ainihin ranar mutuwa, a rubuta ta kusa da tokin a rumbun bayanai.

A ɗauka mai shagon yadi a Babbar Kasuwa ya amince wa manhajar ranar 1 ga Maris da tsakar rana. Tokin mai dogon zango zai mutu 30 ga Afrilu. Abin da na fi so shi ne a sa saba ta riƙa duba ranar mutuwar nan kullum, ta sabunta da zarar abin da ya rage ya gaza kwana 30. Layi ɗaya na `cron`, mai tayar da shiri a lokacin da aka sa masa, ya isa:

```
0 3 * * * /usr/bin/python3 /opt/shago/sabunta.py
```

Kullum ƙarfe 3 na dare a agogon sabar, shirin zai tashi, ya karanta ranar mutuwa, ya ga da saura, ya koma. Ranar 31 ga Maris saura kwana 30 da ƴan awoyi, ba zai taɓa komai ba. Ranar 1 ga Afrilu saura ya gaza 30, sai ya kira umarnin nan na sama, ya adana sabon tokin, ranar mutuwa ta koma 31 ga Mayu. Haka zai yi ta tafiya ba tare da an dami mai shago ba.

Wani zai ce me ya sa ba a bari sai kwana na 59. Saboda a lokacin dama ɗaya ce tak. Idan sabar ƙaramar kwamfuta ce da ke ajiye a ofis, aka ɗauke wuta a daren nan, ko intanet ya yanke, `cron` ba ya rama aikin da lokacinsa ya wuce yana kashe. Wanda ya fara gwadawa tun saura kwana 30 yana da damar kusan dare talatin; ko an yi mako guda ana fama, tokin na nan da rai. Haka ma rubuta "a sabunta kowane wata biyu" kuskure ne ko a lissafi: Maris da Afrilu kwana 61 ne, tokin ya riga ya mutu da kwana ɗaya.

Sai dai shirin da ke kasawa shiru bai fi babu ba. Idan sabuntawa ta ci tura, kada ya goge tsohon tokin, kuma kada ya rubuta saƙon kuskure a gurbinsa. A tabbatar amsar tana ɗauke da `access_token` kafin a taɓa rumbun. Sannan a sa masa iyaka: in saura ya gaza kwana 10 ba a yi nasara ba, ya aiko maka saƙo a waya. A kuma kula kada shirin ya riƙa rubuta cikakken adireshin kiran a fayil ɗin tarihi, tunda tokin na cikin adireshin.

Wa'adi ba shi kaɗai ke kashe tokin ba. Idan mai asusu ya canza kalmar sirri, ko ya cire manhajar daga saitinsa, ko Meta ta ga alamar kutse ta rufe zaman, tokin zai iya mutuwa yana da sauran kwana hamsin. Duk waɗannan suna zuwa da `OAuthException` da lamba 190, don haka lambar ita kaɗai ba ta faɗa maka dalili. Karanta saƙon da ke tare da ita. Idan ka ga `Session has expired`, wa'adi ne ya cika, wato shirinka na sabuntawa bai yi aikinsa ba, kuma can ya kamata ka duba. Idan saƙon ya ambaci canjin kalmar sirri, shirinka lafiya lau yake. A ɓangaren Facebook ma akwai ƙaramar lamba a `error_subcode`: 463 na nufin wa'adi ya ƙare, 460 na nufin an canza kalmar sirri, 458 kuma mai asusun ya janye izinin manhajar. Ko wanne ne, maimaita kira ba ya magani. Manhajar ta dakata, ta nuna maɓallin "sake haɗa asusu". Yana da kyau tun ranar miƙa aiki a gaya wa mai shago: "Alhaji, duk ranar da kuka canza kalmar sirri, ku buɗe nan ku danna wannan."

Kada a ɗauki lissafin Instagram a kai shi ko'ina. A Facebook, tokin Shafi da aka ciro daga tokin mutum mai dogon zango ba shi da ranar mutuwa, ko da yake canjin kalmar sirri ko cire mutumin daga masu kula da Shafin na kashe shi. TikTok kuma tsarin tokin biyu yake bi: na aiki awa 24, na sabuntawa kwana 365. A nan ko na aikin ya mutu ana iya karɓo sabo da ɗayan, amma amsar tana iya zuwa da sabon `refresh_token`, kuma shi ake so a yi amfani da shi daga nan. A X, tokin aiki awa biyu ne, ba a samun na sabuntawa sai an nemi izinin `offline.access`, kuma sau ɗaya ake amfani da kowanne. Idan sassa biyu na manhajarka suka tashi sabuntawa lokaci guda, na farko zai cinye tokin, na biyu ya sha kuskure, kuma in na biyun ne ya yi rubutun ƙarshe a rumbu, an rasa asusun sai an sake shiga. Maganinsa shi ne a bar wa shiri ɗaya tak aikin sabuntawa, sauran su riƙa karanta tokin daga rumbu a duk lokacin da za su yi kira.