Me Ya Sa Aka Bar Iyakokin Turawa Yadda Suke? Tambayoyi Kan Dokar Uti Possidetis

Kullum ana cewa kowace al'umma tana da 'yancin zaɓar makomarta. To me ya sa Bakatsinen Maraɗi da na Jibiya ba ƙasa ɗaya suke ba?

Saboda kalmar "al'umma" a bakin masu dokar ƙasa da ƙasa ba ita ce wadda ni da kai muke nufi ba. A ranar 14 ga Disamba 1960 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1514, wanda ya ce dukkan al'ummomi suna da ikon zaɓar makomarsu. Amma a sakin layi na shida na wannan takarda ɗin dai aka ƙara cewa duk wani yunƙuri na raba kan ƙasa ko yanke wani yanki nata ya saɓa wa manufofin Majalisar. Da aka haɗa biyun, sai ma'anar ta zama haka: al'ummar da ke da 'yanci ita ce dukkan mutanen da ke zaune cikin yankin da Bature ya shata yake mulka, ko yarensu ɗaya ko ɗari. Mutanen Nijar al'umma ne, mutanen Nijeriya al'umma ne. Hausawa, ko Barebari, ko Somaliyawa, dokar ba ta ɗauke su a matsayin masu ikon kafa ƙasa don kansu ba. 'Yancin da aka bayar na korar mai mulkin mallaka ne daga gidan, ba na rushe katangar da ya gina ba.

Ita wannan uti possidetis ɗin, mece ce ma'anarta, kuma daga ina ta fito?

Latin ne, harshen tsoffin Rumawa, kuma ma'anarsa kusan "yadda kuke riƙe da shi, ku ci gaba da riƙewa". Asalinsa umarnin alƙali ne idan mutum biyu suna rigimar gona ko gida: wanda abin yake hannunsa ya ci gaba da riƙo, kada kowa ya ƙwata da ƙarfi, har a gama shari'a. Wato a wurin Rumawa tsari ne na wucin gadi. Ƙasashen Latin Amurka ne suka mai da shi na dindindin lokacin da suka ɓalle daga Sifaniya. Suka yarda cewa layukan da Sifaniya ta raba lardunanta da su, kamar yadda suke a 1810 a Kudancin Amurka da 1821 a Amurka ta Tsakiya, su ne za su zama iyakokin sababbin ƙasashe. Hikimarsu biyu ce. Ta farko, kada 'yan'uwa su kashe juna kan daji. Ta biyu, kada wata ƙasar Turai ta zo ta ce ga wani fili ba mai shi ta kafa tuta.

Akwai wani bambanci da mutane ba su cika lura da shi ba. Layin da ke tsakanin Nijeriya da Nijar tun asali iyakar ƙasashe biyu ce, Ingila da Faransa suka ƙulla ta a yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi daji aka kakkafa turaku tsakanin 1906 da 1908. Wannan gado ne na yarjejeniya, ba wuyar ganewa. Inda uti possidetis take aikinta na ainihi shi ne inda Bature ɗaya ne yake mulkin ɓangarorin biyu, kamar Nijar da Dahome, wato Benin ta yau, ko Mali da Balta ta Sama, wato Burkina Faso ta yau. A can layin ba komai ba ne face rabon aiki tsakanin kwamandan nan da kwamandan can, wa zai karɓi haraji a wane ƙauye. Rana ɗaya aka wayi gari wannan layin na ofis ya zama iyakar ƙasa.

Shugabannin Afirka ba su yi tunanin gyara iyakokin ba ne?

Sun yi, har da kakkausar murya. A taron al'ummomin Afirka da aka yi a Akara a Disamba 1958 an yi tir da iyakokin, an nemi a soke su ko a gyara. Amma waɗanda suka yi wannan magana yawancinsu 'yan gwagwarmaya ne da ba su hau mulki ba tukuna. Da suka hau sai lissafi ya canza. A 1963 Maroko da Aljeriya suka gwabza kan iyaka. Somaliya tana neman yankunan Somaliyawa da ke Habasha da Kenya da Jibuti. Maroko tana cewa Muritaniya gaba ɗaya tata ce. Kowa ya ga cewa in aka buɗe wannan ƙofa ba wanda ya san inda za ta rufe, domin kusan babu ƙasar da ba ta da ƙabilar da ta tsallaka iyaka. Shi ya sa a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Alƙahira a Yuli 1964 aka yanke cewa kowace ƙasa za ta mutunta iyakokin da ta tarar ranar da ta sami 'yanci. Maroko da Somaliya ba su amince ba. Tarayyar Afirka ta maimaita wannan a kundin da ya kafa ta a shekarar 2000.

Ban ce duk don son zaman lafiya suka yi ba. Wanda ya sami kujera da tuta da sojoji ba ya son a taɓa taswirar da ta ba shi su.

A aikace, in ƙasashe biyu suka je kotu, yaya alƙalai suke gano inda layin yake?

Mu ɗauki tsibirin Lete, wanda ke tsakiyar Kogin Kwara a yankin Gaya, tsakanin Nijar da Benin. Fulani makiyaya suna zaune a cikinsa, manoma daga gaɓar Benin kuma suna tsallakowa noma. An yi rikici a kansa har da asarar rayuka a 1960, kuma a ƙarshen 1963 abin ya yi tsami har Nijar ta kori ma'aikatan Dahome da ke aiki a ƙasarta. Sai a 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu cewa za su kai maganar Kotun Duniya da ke Heg, kuma su da kansu suka nemi a yi musu hukunci da uti possidetis.

Abu na farko da alƙalai suka tsayar shi ne ranar da za a duba. Dahome ta sami 'yanci 1 ga Agusta 1960, Nijar 3 ga Agusta 1960. Tambayar kenan: a waɗannan ranaku, ina Faransa ta ɗauka layin yake? A shari'ar Burkina Faso da Mali ta 1986 kotun ta kwatanta wannan da ɗaukar hoto. Abin da hoton ya kama ranar 'yanci shi ne iyaka. Ana tsayar da agogo a nan, amma ba a mai da hannunsa baya. Saboda haka maganar wane sarkin Dendi ne ya fara mallakar tsibirin kafin zuwan Faransawa ba ita ce za ta yanke hukunci ba.

Na biyu, sai a nemi takardar doka. Benin ta ce iyakar tana gaɓar hagu ta kogin, wato ruwan da tsibiransa duk nata ne. Ta kafa hujja da wata dokar gwamna ta 1900, da wata wasiƙa ta 1954 daga muƙaddashin gwamnan Nijar da ta yi kama da amincewa da haka. Nijar ta kawo dokokin 1934 da 1938 da suka ambaci kogin a matsayin iyaka. Alƙalai suka karanta suka ce babu ɗaya da ta faɗi takamaimai inda layin ya bi a cikin ruwan, kuma gwamnan yanki ɗaya ba shi da ikon sauya iyaka da wasiƙa.

Da takardun doka suka gaza, sai aka koma mataki na uku: wa yake gudanar da mulki a wurin a zahiri? A nan ne tsoffin fayilolin ofis suka yi rana. An gano wasiƙar 1914 ta jami'in Faransa da ke Gaya, wadda ta nuna shi da takwaransa na ɗaya gaɓar sun daidaita cewa babbar hanyar jirgin ruwa a kogin ita ce ta raba su. Rijistar haraji da rahotannin rangadi suka nuna Gaya ce take kula da Lete shekara da shekaru. A ranar 12 ga Yuli 2005 kotun ta ce iyakar ita ce layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jirgi, kamar yadda yake lokacin 'yanci. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9. A kan Kogin Mekuru kuwa, wanda shi ma ya raba ƙasashen biyu, Benin ce ta yi nasara, aka sa iyakar a tsakiyar ruwan.

Ka lura da jerin. Takardar doka ce a gaba. Mulkin zahiri yana shigowa ne kawai in takarda ta yi shiru ko ta yi duhu. In akwai takarda bayyananniya, zama a wuri ba ya kayar da ita. Wannan ne ya kayar da Nijeriya a Bakasi a 2002: ta nuna mutanenta ne a wurin, ita ke gina makarantu da karɓar haraji, amma Kamaru tana riƙe da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Haka aka yi da Darak a Tafkin Chadi.

Ba a tambayar mutanen wurin ne sam?

A shari'ar iyaka, a'a. Ba a yi wa Fulanin Lete ko masuntan Bakasi ƙuri'a ba. Inda aka tambayi mutane shi ne a yankunan amana na Majalisar Ɗinkin Duniya kafin 'yanci, kamar Kamarun Ingila a Fabrairu 1961, inda arewa ta zaɓi Nijeriya ta zama Lardin Sardauna, kudu ta zaɓi Kamaru. Ko a nan ɗin, zaɓi biyu kawai aka ba su, ba a sa "mu tsaya da kanmu" a cikin akwati ba.

To Iritiriya da Sudan ta Kudu fa? Ba karya dokar aka yi ba?

Dokar ta hana ƙwace da ƙarfi, ba ta hana yarda ba. Iritiriya ta fita a 1993, Sudan ta Kudu a 2011, kuma dukkansu bayan dogon yaƙi, amma a ƙarshe Adis Ababa da Khartum sun amince da ƙuri'ar raba gardama. Abin mamaki shi ne ko su ɗin da layin Bature suka fita. Iritiriya ta koma kan iyakokin da Italiya ta ƙulla da Habasha, Sudan ta Kudu kuma kan layin larduna na 1 ga Janairu 1956. Yankin Katanga na ƙasar Kongo da Biyafara ba su sami yardar gwamnatin tsakiya ba, an murƙushe su, kuma ƙasashen Afirka huɗu kaɗai suka amince da Biyafara: Tanzaniya, Gabon, Kodebuwa da Zambiya.

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne Somalilan. Ingila ce ta mulke ta daban, ta sami 'yancinta 26 ga Yuni 1960, bayan kwana biyar ta haɗe da Somaliyar Italiya da son ranta. Tun 1991 take cewa ta fasa auren, kuma hujjarta ita ce uti possidetis ɗin kanta: iyakar da ta tarar ranar 'yanci take nema, ba sabuwa ba. Mogadishu kuma tana amsawa da cewa ba a yanka ƙasa mai cikakken iko ba da yardarta ba, kuma Tarayyar Afirka tana bayan Mogadishu.