Malaman firamare na Katsina, ga amsoshinku kan rubutun da yara ke kasa karantawa

"Kalma nawa ya kamata jimla ta ɗauka?"

Babu adadin da aka saukar. Karanta ta da ƙarfi. In numfashinka ya ƙare kafin aya, ta yi tsawo.

"Na sa labarina a kwamfuta, ta ce na 'yan jami'a ne. In jefar?"

Kada ka jefar, Malam. Na gaji da faɗin wannan: ma'aunin sauƙin karatu da kwamfutar ke amfani da shi, wanda Rudolf Flesch ya fitar a 1948, don Turanci aka yi shi. Ga lissafinsa:

`206.835 − 1.015 × (kalmomi ÷ jimloli) − 84.6 × (gaɓoɓi ÷ kalmomi)`

Ɗauki "Yara sun tafi makaranta da safe." Kalma 6, gaɓa 12, jimla ɗaya. Lissafin ya ba da kusan 32, wato mai wuya, na 'yan jami'a. Ɗan aji ɗaya kuwa zai karance ta. Kalmomin Hausa sun fi na Turanci yawan gaɓa, shi ya sa ma'aunin yake zaluntarsu.

"To gajerun kalmomi zan riƙa zaɓa?"

A'a, waɗanda yaro ke ji kullum. "Makaranta" ta fi "hurumi" tsawo, amma wacce ya sani?

"Doguwar jimla fa, in daddatsa ta kawai?"

To, nan sai a hankali. Wani lokaci datsawa na taimakawa, musamman in mai aikin yana farkon jimla, aikin da ya yi kuma sai can ƙarshe, har yaro ya manta da wa ake magana. Amma sau da yawa datsawar ce ke ɓata abin. Duba: "Manomi bai yi shuka ba saboda ruwa bai sauka ba." Ka raba ta biyu, "saboda" ta faɗi, yaro ya rage da magana biyu, shi zai nemo abin da ya haɗa su. Mai ƙoƙari zai gano, mai rauni zai wuce. Haka "ya" da "ta": in maza biyu ne a labarin, kowace "ya" tarko ce, gara ka maimaita suna ko da jimlar ta ƙara tsawo. Ba na cewa kada a datsa. Ina cewa a bar "saboda", "amma", "bayan" da "sai" a inda suke.

In kana shakka, gwada dabarar da Wilson Taylor ya kawo a 1953. Bar jimlar farko cikakkiya, ka goge kowace kalma ta biyar, yara su cike. In yawancinsu ba su cike biyu cikin biyar ba, rubutun ya fi ƙarfinsu. Da 'yan ajinka za ka gwada fa, ba da ɗanka da ke karanta jarida ba.

"Kanun magana dole ne?"

In bayani ne, e. Kowane sakin layi kuma batu ɗaya, Malama, ba uku ba.