Waiwaye: yadda aka gano fol ɗin da ake sokewa a takarda bai bar cikin inji ba

A ɗauki inji mai P(s) = 1/(s − 1). Fol ɗinsa yana s = 1, wato a hannun dama na filin s, kuma duk wanda ya taɓa kwas ɗin kwantirol ya san abin da hakan ke nufi, in ka ɗan taɓa shi amsarsa za ta yi ta hawa kamar e^t ba tsayawa. To sai dabara mai sauƙi ta zo wa mutum a rai, me zai hana in sa kwantirola mai ziro a daidai wurin ya cinye fol ɗin? Sai ka rubuta C(s) = (s − 1)/s, ka ninka, (s − 1) na sama da na ƙasa su tafi, ya rage 1/s. Ka rufe madauki da fidbak sai ka samu T(s) = 1/(s + 1), fol ɗaya tal a −1, amsa lafiya lau ba ko girgiza. A takarda aiki ya yi kyau. In aka haɗa shi a zahiri kuwa injin zai gudu ne ya ƙwace, kuma an ɗauki shekaru kafin masu wannan fanni su iya faɗin dalilin a fili yadda ya kamata.

Abin da ya ba ni sha'awa da na bi tarihin shi ne mutanen farko ba su da wannan matsalar sosai. Maxwell a 1868 da yake nazarin gwamnan injin tururi, wato na'urar da ke daidaita gudunsa, da Routh a 1877, da Hurwitz a 1895, duk daga lissafin motsin injin suke farawa su fitar da folinomiyal guda na tsarin gaba ɗaya sannan su duba saiwoyinsa. Ba sama da ƙasa balle a soke wani abu. Rabon sama da ƙasa ya samu gindin zama ne daga wajen injiniyoyin tarho na Bell a Amurka, Black da amfilifayarsa mai fidbak a 1927, Nyquist a 1932, Bode a shekarun 1940, sai kuma Evans, wanda shi ba na Bell ba ne, da zanen tafiyar saiwoyi a 1948. Su abin da ya dame su shi ne me na sa a ƙofar shiga, me ya fito a ƙofar fita, cikin akwatin ba ruwansu. Kuma gaskiya hanyar ta yi aiki ƙwarai, har yau da ita ake koyarwa. Sai dai da zarar ka mai da inji ya zama rabo na folinomiyal biyu, hannu da kansa yake son soke abin da ya yi kama sama da ƙasa, tun daga firamare aka koya mana haka.

A shekarun 1950 jarabar ta ƙaru. An fito da salon zane wanda ake dangantawa da Guillemin da Truxal, ka fara zaɓar T ɗin da kake so sannan ka juya lissafi ka samu kwantirola, C = T/(P(1 − T)). Ka lura P yana ƙasa, wato kwantirolan yana kifar da injin ne, fol ɗin inji ya zama ziro ɗinsa, ziro ɗin inji ya zama fol ɗinsa, sokewa ta zama ita ce hanyar aikin kanta. Masu kwantirol na dijital irin su Ragazzini da Franklin, a wajen 1958, sun riga sun san akwai rami a nan, sun kafa sharaɗi cewa kada a soke fol ko ziro da ke a waje da da'irar z. Amma a lokacin abin ya fi kama da dokar kiyaye kai, hujjar da aka fi bayarwa ita ce ai sokewar ba za ta taɓa zama daidai cif ba.

Wannan hujjar gaskiya ce amma rabin labarin ce. Mu gwada da misalinmu. A ce fol ɗin gaskiya yana 1.1 ba 1 ba, lissafin madauki zai zama s(s − 1.1) + (s − 1) = s² − 0.1s − 1, saiwoyinsa kusan 1.05 da −0.95. Fol ɗin dama yana nan daram, ya maƙale tsakanin 1 da 1.1, kuma ko ka ƙara ƙarfin kwantirola sau dubu ba inda zai je sai ƙara matsawa kusa da ziro ɗin da ke 1. To amma a ce Allah ya taimake ka sokewar ta zama daidai babu kuskure ko ɗigo, shin ka tsira? A'a. Kar ka soke komai, ka rubuta folinomiyal ɗin yadda su Routh za su rubuta: s(s − 1) + (s − 1) = (s − 1)(s + 1). Ga shi nan. Tsarin yana da ma'ajiyar ƙarfi biyu, ɗaya a inji ɗaya a kwantirola, don haka dole saiwoyi biyu ne, T ta nuna maka ɗaya ta ɓoye ɗayan.

Wanda ya ba wannan abu suna da tsari shi ne Kalman, wanda ma ɗalibin Ragazzini ne a Jami'ar Columbia. A babban taron farko na IFAC, ƙungiyar masana kwantirol ta duniya, a Moscow a 1960 ya gabatar da tambayoyi biyu game da kowane motsi na cikin tsari, shin ana iya juya shi daga ƙofar shiga, kuma shin ana iya ganinsa daga ƙofar fita. A 1963 shi da Elmer Gilbert na Jami'ar Michigan, kowa a takardarsa, suka nuna cewa tiransfa fankshin, wato rabon nan na sama da ƙasa, ba ya ɗauke da komai sai ɓangaren da ya cika sharuɗɗan nan biyu. Duk motsin da ba a iya juyawa ko ba a iya gani, faɗuwa yake daga rabon, kuma sokewar fol da ziro ita ce alamar faɗuwar. Motsin bai mutu ba, ƙofar da kake leƙawa ce ba ta kai gare shi.

A misalinmu motsin e^t ana ganinsa a fita, juya shi ne ba a iyawa, domin duk umarnin da zai isa inji sai ya bi ta ziro ɗin kwantirola, shi kuma ziro ɗin aikinsa kenan ya tace duk abin da zai taɓa wannan motsin. Umarninka ba zai tayar da shi ba, shi ya sa T ta yi kyau. Amma ba umarni kaɗai ke shiga inji ba. A ce wata 'yar tangarɗa d ta shiga tsakanin kwantirola da inji, iska ce ko nauyi ko ɗan kaucewar amfilifaya, hanyarta zuwa fita ita ce P/(1 + PC) = s/((s − 1)(s + 1)), kuma a nan ba abin da ya soke komai. Tangarɗa mai girman 0.01 kacal da ta zauna, fita za ta zama 0.005(e^t − e^−t). A sakan 1 kusan 0.012 ce, ba wanda zai kula. A sakan 5 ta kai 0.74. A sakan 10 ta wuce 110. Abin da ya fi tayar min da hankali a nan shi ne firikwensin yana ganin gudun, kwantirola yana karɓar labari, amma amsar da zai mayar ta wannan ziro ɗin dai za ta bi, don haka yana kallo ba abin da zai iya. Ko ba tangarɗa ma, injin ya tashi da ɗan saura na 0.001 a cikinsa ya isa.

Akwai kuma ɗaya fuskar wadda ta fi wuyar kamawa a wurin gwaji. Inji mai ziro a dama, P = (s − 1)/(s + 2), sai a soke shi da fol na kwantirola, C = (s + 2)/(s(s − 1)). T ta sake fitowa 1/(s + 1). Wannan karon fita tana bin umarni tsaf, abin da ke hawa shi ne siginar da kwantirola ke tura wa inji, C/(1 + PC) = (s + 2)/((s − 1)(s + 1)). Kana kallon allo komai lafiya, can ciki wutar da ake tura wa mota tana ninkuwa har bawul ya kai ƙarshe ko amfilifaya ta ƙure, daga nan sokewar ta watse fita ma ta bi.

Daga wannan fahimtar ne a shekarun 1970 aka tsayar da abin da ake kira daidaiton ciki. Ayyukan Desoer da abokan aikinsa, da na Kučera, da na Youla da Jabr da Bongiorno a 1976, suka mai da ma'anar ta zama haka: ka sa sigina mai iyaka a kowace mahaɗa ta madauki, kowace sigina ta ciki dole ta zauna da iyaka. Ga madauki mai inji ɗaya da kwantirola ɗaya abin ya tsaya kan guda huɗu, 1/(1 + PC) da PC/(1 + PC) da P/(1 + PC) da C/(1 + PC), waɗanda Åström da Murray suka yi wa laƙabi da gungun huɗu. Biyun farko sun dogara da PC ne kawai, shi ya sa su ake iya ruɗa, har zanen Nyquist ko Bode na PC ma ba zai nuna maka komai ba. Na uku ke tona soken fol ɗin inji, na huɗu ke tona soken ziro.

A MATLAB ana iya ganin abin da ido:

```
s = tf('s'); P = 1/(s-1); C = (s-1)/s;
T = feedback(P*C,1);
pole(T)               % 1, -1
pole(minreal(T))      % -1
pole(feedback(P,C))   % 1, -1
```

`minreal` ba laifi ya yi ba, aikinsa kenan ya share abin da ya soke, laifin na wanda ya kira shi ne kafin ya duba me za a share. Ni shawarata a duba `pole` tukuna, kuma a simuleshan a bar inji da kwantirola kowa a akwatinsa, a sa 'yar tangarɗa a tsakani, a bar lokaci ya yi tsawo, a zana siginar kwantirola ba fita kaɗai ba.

Gyaran misalin farko ba shi da wuya, fol ɗin dama matsar da shi ake yi da fidbak. Ɗauki C = (3s + 1)/s, folinomiyal ya zama s(s − 1) + 3s + 1 = (s + 1)², saiwoyi biyu duk a −1, ba abin da ya ɓuya. Akwai ma gwaji mai sauri da nake so, in inji yana da fol a dama a s = p to dole T(p) = 1, in yana da ziro a dama a s = z dole T(z) = 0. T ɗin sokewa ta ba da T(1) = 1/2, ta faɗi. Sabuwar, (3s + 1)/(s + 1)², ta ba da 4/4 = 1. Farashin shi ne amsar za ta zarce inda aka nufa kafin ta dawo, wannan kuma ba makawa ga irin wannan inji in ana son ya zauna daidai kan umarni.

Soke fol na hagu dai ba haramun ba ne, ana yi kullum, sai dai in fol ɗin mai jan ƙafa ne zai sake fitowa a amsar tangarɗa ya ja lokaci. Wanda ke kan layin tsakiya, kamar s = 0, hukuncinsa ɗaya da na dama. Mafi wuya shi ne in sokewar a cikin injin kansa take, fol da ziro na dama sun zauna kusa da juna tun daga ƙira. Ƙololuwar 1/(1 + PC) ba za ta yi ƙasa da |(z + p)/(z − p)| ba ko wane kwantirola aka kawo, in p = 1 kuma z = 1.1 wannan 21 kenan, alhali a zane mai kyau ana neman ƙasa da 2. A nan sai dai a koma kan injin, a canja wurin firikwensin ko a ƙara wani, ko a canja inda ake tura ƙarfi, domin waɗannan ne ke matsar da ziro.