Kafin Ku Tura wa Likitan Masar Takardar Gwajin Jini

Masu jinya da ke shirin kai mara lafiya Alƙahira ko Jidda sukan fara tura wa likitan can hoton takardar gwaji, su sa wani ɗalibin Larabci ya fassara. Iya Larabci kaɗai bai wadatar ba, domin a kan alƙaluma aka fi yin ɓarna.

Kada mai fassara ya goge abin da aka rubuta a takardar. Likitocin Masar da na Saudiyya da Turanci suka karanci likitanci, don haka gajerun sunayen gwaji sanannu ne a wurinsu. A bar sunan yadda yake, a rubuta Larabcin a gefensa, a tura tare da hoton asali. Sai dai akwai gajerun sunayen da mu muka saba da su, su kuwa ba haka suke kiransu ba. Gwajin ƙirga ƙwayoyin jini da muke rubuta FBC, su CBC suka sani, wato صورة دم كاملة, a Nijar kuma NFS ake rubutawa. PCV namu, gwajin yawan jini, shi ne HCT. MP kuwa, gwajin ƙwayar maleriya, gara a rubuta shi cikakke. Gajeren sunan da ba ku gane ba, ku koma ɗakin gwajin ku tambaya, kada a yi canki.

Ɗauki misalin mai ciwon ƙoda da aka yi wa gwajin aikin ƙoda na E/U/Cr. Takardarsa ta nuna Creatinine 265 µmol/L da Urea 15 mmol/L. Yawancin ɗakunan gwaji na Masar da mg/dL suke auna waɗannan. Don mayar da na farko, a raba 265 da 88.4, zai ba da kusan 3.0 mg/dL. Idan an manta da ma'aunin aka rubuta 265 tsura, likita zai gane akwai matsala, tunda wannan adadi ba ya yiwuwa a ma'auninsu. Asarar dai ita ce ta lokaci. Na biyun ne abin tsoro. Urea 15 idan an ninka da 6 zai zama 90 mg/dL. Amma akwai gwajin da ake kira BUN, wanda wani sashe ne kawai na yuriya yake aunawa, shi da 2.8 ake ninkawa, a sami 42. Duka 90 da 42 adadi ne da ake gani a jikin mutane, saboda haka idan mai fassara ya musanya sunayen, babu abin da zai ankarar da likita. Zai ɗauki ciwon ya fi yadda yake tsanani, ko ya raina shi. A ganina, wanda ba ma'aikacin lafiya ba gara ya bar lissafin nan gaba ɗaya, ya kwafi adadi da ma'auninsa daidai, likita ya juya da kansa.

Haka sukari yake: 7.0 mmol/L daidai yake da 126 mg/dL, a takardar Nijar kuma za a ga 1,26 g/L, da waƙafi a madadin ɗigo.

Sai layin da ke nuna iyakar da ake ɗauka lafiya lau, المعدل الطبيعي. Na takardarku za a kwafa, ba wanda aka tsinto a wani wuri ba, domin kowane ɗakin gwaji da nasa gwargwadon na'urarsa, kuma na mace da namiji da yaro sun bambanta. Tun da Larabci daga dama yake farawa, waya kan juya 3.5 - 5.1 ya fito 5.1 - 3.5, alamun < da > su ma su juye fuska. Maganin abin shi ne a rubuta da kalmomi: من 3.5 إلى 5.1, sannan أقل من a madadin alamar ƙasa da, أكثر من a madadin ta sama da. Kada kuma a mayar da alƙaluma na Larabci. Biyar ɗinsu ٥ ta yi kama da sifirinmu, shida ٦ ta yi kama da bakwai, sifirinsu ٠ kuwa ɗigo ne da ake iya ɗauka tabon tawada.

Hoton ma yana da nasa sharaɗi. A shimfiɗa takardar a kan tebur kusa da taga, a kashe fitilar kyamara, a tabbatar kusurwoyi huɗu sun fito, har da ranar da aka ɗebi jinin da shekarun mara lafiya. A WhatsApp a tura ta Document, domin turawar da aka saba takan rage kaifin hoto, ɗigon da ke tsakanin 3.0 ya ɓace ya koma 30. Idan da hannu aka cike sakamakon, a roƙi ma'aikacin ɗakin gwajin ya karanto alƙaluman ɗaya bayan ɗaya kafin a fara fassara.