"Isn't it?" ba kowace jimla take shiga ba

Kwanan nan duk tashar da ka kama, in dai da Turanci ake hira, sai ka ji mai magana ya ƙare jimla ya liƙa mata "isn't it?" a gindi. Wani ya ce "They have signed the agreement, isn't it?", wani ya ce "You will come, isn't it?" Ɗalibai suna ji suna kwashewa, sai ranar jarrabawa, wajen cike gurbi a hirar mutum biyu, maki ya zube ba su san dalili ba.

Wannan 'yar guntuwar tambaya ita malaman Turanci ke kira question tag. Mu a Hausa ba mu da wahala da ita. "Sun zo, ko?" "Za ka zo, ko?" "Ko" ɗin nan ɗaya ce, ba ruwanta da wanda ya yi aikin ko lokacin da aka yi shi. Shi ya sa muke neman kalma ɗaya a Turanci da za ta yi mana wannan aiki, muka damƙi "isn't it". Ita kuwa ta Turanci kamar inuwa take, siffar jimlar da ta biyo take ɗauka. Tana ɗauko mataimakin aikatau na jimlar, wato irin su is, have, will, can, ta juya shi zuwa korewa in jimlar tabbatarwa ce, sannan ta sa wakilin suna. Don haka waɗancan jimloli biyu "haven't they?" da "won't you?" suke nema.

Inda masu shirya tambaya ke ɗana tarko shi ne inda mataimakin ya ɓuya. Ɗauki wannan: "She's taken the book, ___?" Zaɓin da za a ba ka akwai "isn't she", "hasn't she", "doesn't she" da "isn't it". Yaro na ganin "She's" sai ya ce ai "she is" ce, ya zaɓi na farko. Amma wannan harafi na s yana tsayawa a madadin is, yana kuma tsayawa a madadin has. Buɗe jimlar ka gani: "She is taken the book" ba magana ba ce, "She has taken the book" ita ce magana. Amsa ke nan "hasn't she". In kuwa jimlar ba ta da mataimaki sam, kamar "They arrived late", sai a aro daga gidan do gwargwadon lokaci, a ce "didn't they?"

Gajerun amsoshi irin su "So do I" ma a kan wannan doka suke tafiya, kuma a nan ne abin ya fi ba ni haushi, don an mayar da "So do I" tamkar "ni ma" da ake jefawa ko'ina. Wanda ya ce "I am tired", amsarsa "So am I". Wanda ya ce "I can swim", amsarsa "So can I". "So" kuma ba ta bin korewa. In magana korewa ce, "Neither" ko "Nor" ke karɓa.

To ga wadda ke kayar da masu ƙoƙari ma. Na farko ya ce "I hardly sleep in the afternoon." Ido ya duba, bai ga not ba, hannu ya tafi kan "So do I". Alhali hardly korewa ce a ɓoye, ma'anarta da ƙyar yake barcin rana, kusan ba ya yi. Haka seldom, rarely da scarcely, balle never. Amsar da ake so ita ce "Neither do I". Kada kuma ka ƙara mata not, domin neither ta riga ta ɗauki korewar. Ita ma guntuwar tambayar bayan irin waɗannan kalmomi tabbatarwa take zama: "He hardly sleeps, does he?"

Sai a kula da "So I do", wadda ake ajiyewa kusa da "So do I" da gangan. Ba kuskuren ɗab'i ba ne, jimla ce mai zaman kanta. In aka ce maka "You make the same mistake every time", ka amsa da "So I do", kana nufin ai kuwa haka nake yi. In ka ce "So do I", sai a rasa da wa kake haɗa kanka, tunda dama a kanka ake magana.

A bakin mutane, "Me too" da "Me neither" sun wadatar, Turawan ma su suke faɗa, kuma ni ban ga laifinsu ba. Dokar ita kanta ba ko'ina take bin hankali ba: "I am late" tana ɗaukar "aren't I?", ga are a jikin I, babu wani dalili sai dai haka ake faɗa. "Let's go" kuma "shall we?" take ɗauka. Waɗannan biyun haddace su ake yi.