Ma'anar "uzurin rashin halarta" ga ɗalibi a ƙasar waje

Uzurin rashin halarta shi ne sanar da malami a rubuce, tun kafin ranar darasi, cewa ba za ka samu zuwa ba, tare da hujjar da za a iya dubawa. A jami'o'in Turkiyya, inda 'yan Kaduna ke zuwa karatu, ana kiransa mazeret, kalmar da ta fito daga tushen Larabci ɗaya da "uzuri" namu.

Ga wani wuri da yakan taso. Ɗalibi ya nemi takardar izinin zama ta shafin e-ikamet, sai hukumar shige da fice ta ba shi rana da lokacin da zai bayyana da kansa, wato randevu. Ranar ta faɗo kan darasi. A nan ganawar ce gaba, domin wanda bai je ba babu dalili mai ƙarfi ana iya ɗaukarsa kamar bai nema ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa uzuri yana goge fashi. A jami'o'i da dama ba ya gogewa. Ƙa'idar da aka saba ita ce halartar kashi 70 na darussan aji da kashi 80 na aikin gwaji. Darasin awa 3 a mako, a zangon mako 14, awa 42 ke nan, don haka fashin da aka yafe maka bai wuce awa 12 ba. Ranar ganawa ta cinye 3 a ciki. Wanda ya haura iyakar ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba, komai ƙoƙarinsa.

Saƙon kansa gajere ne. Aika shi ta imel ɗin makaranta a ranar da ka samu lokacin ganawar, ba ta bakin aboki ba. Gaisuwa layi ɗaya ta isa. Doguwar gaisuwarmu ta gida tana binne maganar. Ka fara da "Hocam", wato Malam, sannan:

"Ni ɗalibinka ne a darasin ƙarfe 10 na ranar Talata, ga sunana da lambata. Hukumar shige da fice ta sa mini ganawa ranar 12 ga wata da ƙarfe 10:30, kuma dole in je da kaina. Na haɗa takardar ganawar. Ina neman a nuna mini aikin da zan rama."

Ka rufe lambar fasfo a jikin takardar kafin ka tura, malami ba ya bukatarta.

Idan kuwa jarrabawar tsakiyar zango ce ta faɗo ranar, saƙo ga malami kaɗai bai wadatar ba. Sai ka kai takardar koke ofishin tsangaya, domin kwamitinta ne ke yanke ko za a ba ka jarrabawar ramuwa, kuma wa'adin miƙawa 'yan kwanaki ne kawai. Ka duba dokar jami'arka tun ranar da ka ga karon, sannan ka adana duk takardar da aka ba ka a ofishin shige da fice mai nuna ka je.