Wasiƙar neman aikin injiniya daga daftarin Hausa

Wasiƙar neman aikin injiniya takarda ce mai shafi ɗaya da mai neman aiki ke haɗawa da takardar tarihin karatunsa da ayyukansa, wato CV, inda yake bayyana gurbin da yake nema da abin da ya taɓa yi da ya dace da gurbin. A Najeriya da Turanci ake rubuta ta. A Sakkwato, inda masu digiri da babbar difloma daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ke neman gurbi a masana'antar siminti ta Kalambaina, ko Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ko wurin 'yan kwangila, wasu kan fara zuba tunaninsu da Hausa, sannan su mayar da shi Turanci. Dabarar tana taimaka wa mutum ya tuno aikinsa filla-filla. Sai dai a wajen juyawar ne aikin kan kumbura ko ya tsuke ba tare da mai shi ya yi niyyar ƙarya ba.

Wa ya yi aikin

Bahaushe ba ya son yawan cewa “ni”. Daftarin Basakkwace yakan cika da “aikin da munka yi” da “anka gama”, ko da shi kaɗai ya riƙe sufana. Kunya ce, kuma a zaure abin yabo ce. Amma mai tace takardu yana so ya san rabon mutum ɗaya a cikin aikin mutum goma. Idan aka bar “mun” a ko'ina, ba a ga mai neman ba. Idan aka mayar da kowane “mun” ya zama “na”, ya ci haƙƙin abokan aikinsa. Shi ya sa tun a daftarin Hausa ake raba kowace jimla gida biyu: abin da ayari ya yi, da abin da ya fito daga hannun mai wasiƙar.

Aikatau masu faɗi

Kalmomi biyu ne suka fi jawo matsala: “kula da” da “haɗa”. Wanda ya ce ya kula da janareta yana iya nufin yana duba mai da ruwa kowace safiya yana rubutawa, ko yana canza filta da baƙin mai a kan lokaci, ko kuwa shi ne ke ba ma'aikata umarni. Turanci ya ware wa kowanne kalmarsa: `monitored`, `maintained`, `supervised`. Ta ukun tana nufin akwai mutane a ƙarƙashinsa, kuma a intabiyu za a tambaye shi su nawa ne. Haka “haɗa”: ɗora farantan sola da jona wayoyi `installed` ne, yayin da `designed` ke cewa shi ya yi lissafin ya zaɓi girman kowane kaya, kuma idan lissafin ya kuskure wuyansa ne.

Akwai kuma sunan “injiniya” kansa. A kasuwa ana kiran mai gyaran rediyo da bakanike injiniya, ba wanda ya damu. A takarda doka ce ke magana. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke rajistar masu aikin injiniya, tana kuma raba su aji huɗu, daga cikakken injiniya har zuwa mai sana'ar hannu. Wanda bai yi rajista a ajin injiniya ba ba ya sa `Engr.` gaban sunansa, ko da digirinsa na hannu. Zama ɗan ƙungiyar injiniyoyi ta NSE abu ne daban da rajistar COREN, kuma a wasiƙa ana faɗin kowanne da matakinsa.

Misali

A ɗauka wata matashiya ta yi hidimar ƙasa da wani ɗan kwangilar rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan gefen Sakkwato. Daftarinta ya ce: “Mun haɗa rijiyoyi shida masu sola, na kula da aikin famfo, dizal ya ragu sosai.” Wani ɗan'uwa mai son ta samu aiki ya juya mata shi da cewa ita ta tsara rijiyoyin shida ta kuma shugabanci aikin.

Da ta koma littafin aikinta, ga abin da ke ciki. Rijiyoyi shida ne, amma a huɗu ta yi aiki. Babban injiniyan kamfanin ne ya zaɓi famfon da ake zurawa cikin rijiya, wanda 'yan sana'a ke kira sumo, mai ƙarfin doki 2. Ita ta jona farantai 8 masu wat 300 a kowace rijiya, ta gwada su, ta rubuta yawan ruwan da ke fita. A rijiya ɗaya ce kawai aka auna dizal: da ana shan lita 40 a mako, aka koma lita 10.

Doki ɗaya kusan kilowat 0.746 ne, don haka famfon kilowat 1.5 ne, farantan kuma kilowat 2.4. Daga 40 zuwa 10 raguwar lita 30 ce, wato kashi 75 cikin 100. Nan ne wani tarkon yake: “ya ragu da kashi 75” daidai yake da “ya ragu zuwa kashi 25”, kuma a Turanci bambancin bai wuce `by` da `to` ba. Idan aka musanya su, 75 ta koma 25. Jimlar da ta dace da littafin ita ce:

```
I wired and tested 2.4 kW solar arrays for 1.5 kW pumps on four
of six boreholes. At one site, diesel use fell from 40 to 10
litres a week.
```

Ta fi ta ɗan'uwan gajarta, kuma babu kalma a ciki da matashiyar ba za ta iya karewa ba. An bar lissafin a lita maimakon naira da gangan, domin farashin dizal yana hawa da sauka, kuɗin da aka rage bara ba shi ne na bana ba. Irin wannan kulawa ake yi da janareta: abin da ke rubuce a jikinsa galibi `kVA` ne, kuma mai `100 kVA` yakan ba da kilowat 80 ne, don haka ba a sauya ɗaya da ɗaya.

Abin da ake bari a daftari

Doguwar gaisuwa da addu'a da roƙon a taimaka saboda halin gida ba sa shiga wasiƙar Turancin. Tana buɗewa da sunan gurbin da inda aka ga tallarsa. Idan an fara da `Dear Sir/Madam` ana rufewa da `Yours faithfully`. Idan an ambaci sunan mutum, `Yours sincerely`. Kalmar ƙanƙan da kai irin “na ɗan taɓa” ma ana cire ta, a sa wata nawa aka yi ana aikin.

Tantancewa

Hanya mafi sauƙi ita ce a ba wanda bai ga daftarin ba wasiƙar Turancin, ya faɗi da Hausa abin da ya fahimta. Idan ya ce “ashe ke kika shugabanci aikin” alhali ba haka ba ne, an gano kalmar da ta zarce. Daga nan a bi kowane adadi a nemo shi a littafin horon masana'antu na SIWES, ko rahoton wurin aiki, ko takardar shaidar kamfani, a kuma tabbatar ya yi daidai da na CV. Adadin da ba shi da takarda ana cire shi ko a rubuta shi a matsayin kiyasi. Masu intabiyu kan ɗauki jimla ɗaya su tambayi kaurin wayar da aka yi amfani da ita ko zurfin da aka zura famfon, kuma sukan kira tsohon shugaban mai neman su ji nasa bayanin.